Kwantenar riɗi ɗaya daga Gujungu: ina miliyan goman take shigewa?

Ran Lahadin da ta wuce bayan an watse daga kasuwar Gujungu muna zaune a rumfar mai shayi, ƙanin babana ya miƙo min wayarsa yace in duba. Wani ne daga Turkiyya ya turo masa saƙo wai zai sayi riɗi tan ɗaya a kan dala 1,400. Kawu ya riga ya buga lissafinsa a bayan kwalin sigari: tan a nan naira miliyan ɗaya da rabi, can kuma idan ka juya dalar a 1,500 ya kama miliyan biyu da dubu ɗari, to kwantena guda kenan ribar wajen miliyan goma. Har ya fara zancen su haɗa kuɗi shi da abokan nomansa su biyar, in dalar ta shigo kuma su yo odar kayan gyaran babur daga Chana, riba biyu a tafiya ɗaya.

Nace Kawu lissafin nan ba ƙarya a cikinsa, sai dai rabinsa ne. Na yi shekaru ina malamin sito a wajen wani mai fitar da kaya a Dawanau, ni nake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma na ga yadda miliyan goma irin wannan take narkewa kamar ƙanƙara a watan azumi ba tare da kowa ya saci kwabo ba. Shi yasa na zauna na rubuta wannan don shi da ire-irensa. Duk farashin da zan sa na misali ne don lissafi ya fito, ranar da mutum zai yi nasa sai ya tambayi na ranar, amma tsarin shi ne dai wannan.

Mu fara da riɗin kansa. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen tan 19, buhu mai kilo 50 guda 380 kenan. Amma tan 19 na riɗi mai tsafta ake nufi, wanda mai saye zai rubuta a yarjejeniya cewa tsaftarsa ta kai kashi 98 ko 99 cikin ɗari kuma danshinsa bai wuce kashi 6 ko 7 ba. Wanda muke aunowa a Gujungu ko Maigatari ko Malam Madori kowa ya san halinsa, akwai ƙasa akwai tsakuwa akwai kara, wani ma da gangan yake zuba yashi a tsakiyar buhu, Allah ya shirya mu. Idan ya bi ta inji sai ka ga kashi biyar ya tafi a ƙura, wani lokacin fiye. Saboda haka don ka cika tan 19 sai ka sayi tan 20, miliyan 30 kenan, ba miliyan 28 da rabi da Kawu ya rubuta ba. Tun ba a bar Jigawa ba miliyan ɗaya da rabi ta yi gaba.

Daga nan sai ƙananan kuɗaɗe da ba wanda yake tuna su sai an zo biya. La'adar dillali, 'yan dako, kuɗin kasuwa, motar da zata kai Dawanau, mu ce dubu 600. Gyara a inji da sabbin buhuna da ɗinki, dubu 900. Tirela daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ta haura kilomita dubu, da abin da direba zai ringa miƙawa a shingaye, mu ce miliyan 2 da dubu 200. A Legas kuma ga feshin kwantena, ga masu duba kaya, ga ejan, ga kuɗin tasha, mu sa miliyan 1 da dubu 800. Akwai kuɗin NESS, wato na tsarin gwamnati na sa ido kan kayan da ake fitarwa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan, wanda a nan dala 133 ne, kusan dubu 200. Banki shi ma zai ci nasa, wata dubu 200. In ka tara waɗannan miliyan 5 da dubu 900 ne, ka ɗora a kan miliyan 30, jarinka ya zama miliyan 35 da dubu 900. Abin da zai shigo kuwa tan 19 sau 1,400, dala 26,600, a canjin 1,500 miliyan 39 da dubu 900. Riba ta koma miliyan 4. Ba laifi, kuɗi ne, amma ba goma ba ce, kuma har yanzu ba mu zo wajen da ake karyewa ba.

Kafin in shiga can bari in yi maganar haruffan nan uku da suke biyo bayan farashi, don Kawu ko kallonsu bai yi ba. Saƙon mutumin cewa yayi 1,400 FOB Legas. Ma'anarsa aikinka ya ƙare daga lokacin da kwantenar ta hau jirgin ruwa a Legas, kuɗin jirgi nasa ne, in teku ta ci kayan ma asararsa ce. Da ya rubuta CFR Mersin, wato tasharsu ta can Turkiyya, to kai zaka biya kuɗin jirgi daga cikin 1,400 ɗin, in kuma CIF ne har inshora a kanka take. Farashi ɗaya ne a ido amma bambancin zai iya cinye rabin ribar nan ta miliyan 4. Kuma kuɗin jirgi ba ya zama wuri ɗaya, wanda kamfanin jirgi ya baka yau sau da yawa na 'yan makonni ne, idan ya ƙare sai sabo. A ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka koma zagayowa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, kuɗin dako a hanyoyi da yawa ya yi tsalle cikin ƙanƙanin lokaci, wanda ya riga ya sa hannu a kan CFR na wata uku masu zuwa shi ya biya bambancin daga aljihunsa. Ni a ganina sabon shiga ya tsaya a FOB, ya bar wa mai saye ciwon kan jirgi har sai ya san hanya. Illar FOB guda ɗaya ce, mai saye ne yake zaɓar jirgin, idan ya yi jinkiri kayanka suna zaune a tasha kai kake biyan kuɗin zama, don haka a rubuta ranar lodi a yarjejeniya da wanda zai biya idan ta wuce.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, ejan nagari ya san su. Sai kana da kamfani mai rijista da CAC da lambar haraji, sai satifiket ɗin NEPC na masu fitar da kaya, sai ka cike fom ɗin NXP ta bankinka, sai takardar lafiyar amfanin gona daga NAQS da ta inganci daga masu duba amfanin gona na tarayya. Abin da ya kamata su Kawu su riƙe a ransu shi ne wannan fom ɗin NXP alƙawari ne ka yi wa Babban Banki cewa dalar zata dawo gida ta asusunka na kuɗin waje cikin kwana 180 daga ranar da take jikin takardar lodin jirgi. Mai saye ya cinye maka kuɗi ko bai cinye ba, kai za a tambaya. Wato wanda aka damfara asara biyu yake yi, ga kaya sun tafi ga banki yana nemansa.

To yanzu canji. Mutanenmu sun saba da tunanin cewa dala hawa kawai take yi, duk wanda ya riƙe ta ya ci. A Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki, a farkon 2024 kuma ta sake hawa ta wuce 1,400, to masu fitar da kaya a lokacin sun sha romo, har wanda bai iya lissafi ba ya ga riba. Amma wa ya tuna abin da ya biyo baya? A Fabrairun 2024 dala ta haura 1,600, a Wapa ma ta fi haka sosai, kafin tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wata biyu kacal. Wanda ya auni riɗi a Fabrairu da tsadar da dala ta jawo, ya karɓi kuɗinsa a Afrilu, sai dai a yi masa jaje. Ɗauki lissafinmu na sama ka sa 1,200 a madadin 1,500, dala 26,600 ta zama miliyan 31 da dubu 920, jari kuwa miliyan 35 da dubu 900. Ribar miliyan 4 ta juye ta zama faɗuwar kusan miliyan 4, alhali riɗin lafiya ƙalau ya isa, mai saye ya biya cif, ba wanda ya cuci wani.

Akwai lamba ɗaya da nake so duk mai wannan harka ya fitar kafin ya auni ko kwano ɗaya, ka raba dukkan abin da zaka kashe da naira da dalar da zaka karɓa. A namu miliyan 35 da dubu 900 a raba da 26,600, ya ba da kusan 1,350. Wannan ita ce katangarka. In dala ta tsaya sama da 1,350 ranar da zaka sayar kana da riba, in ta faɗo ƙasa ka shiga uwar kuɗi. Tazarar naira 150 kenan tsakaninka da faɗuwa, kashi goma cikin ɗari, kuma mun ga naira ta motsa fiye da haka a wata ɗaya. Idan ka buga ka ga tazarar bata kai kashi biyar ba, ni dai shawarata ka sayar wa manyan kamfanoni a Dawanau ka karɓi nairarka a ranar ka koma gida ka yi barci.

Sannan lokaci shi ma kuɗi yake ci, wannan ne mutane basa gani. Daga ranar da ka fara awo zuwa ranar da alat zai shigo, lissafa: sati biyu zuwa uku na tara kaya da gyara, sati guda a hanya in Allah ya kiyaye, sati biyu ko uku a Legas ana jiran dubawa da jirgi, wata guda ko fiye a teku, sai jiran biya. Wata uku ba wuya. In bashin banki ne a kan kuɗin ruwa na wajen kashi 30 a shekara, wanda haka ya kai bayan Babban Banki ya ɗaga nasa zuwa 27.5 a ƙarshen 2024, miliyan 36 a wata uku zata haifi miliyan 2 da dubu 700. Riba ta koma miliyan 1 da dubu 300, katangar kuma ta matso 1,450. Su Kawu ba zasu taɓa kuɗin ruwa ba, na san su, ko dai nasu ko murabaha a bankin da ba ya ruwa, amma shi ma murabahar akwai ribar da bankin yake ɗorawa, kuma ko kuɗinka ne na kanka ai da ka juya su sau uku tsakanin Gujungu da Dawanau a wannan wata ukun. Sai a sa wannan a lissafi.

Me ake yi wa haɗarin canji? Bankuna suna da tsarin da zaka ƙulla da su tun yau cewa zaka sayar musu da dala bayan wata uku a kan kaza. Amma mai kwantena ɗaya ba kasafai suke kula shi ba, sannan malamai da yawa suna da magana a kan cinikin kuɗi da kuɗi da ba hannu da hannu ba, to wannan sai mutum ya tambayi malaminsa. Abin da yake hannun ɗan ƙauye shi ne ya gajarta kwanakin da yake tsaye tsakanin naira da dala. Kada ka fara awo sai yarjejeniya ta tabbata. Ka nemi kafin alƙalami, in mai saye ya turo kashi 30 tun farko, dala 7,980 kenan, ka canza ta a ranar ka auni kaya da ita, wannan kason ya fita daga haɗari gaba ɗaya tunda canjin da ka sayi riɗi da shi shi ne canjin da ka sayar da dalar. Sauran kuma ranar da suka shigo in lissafi ya biya ka sayar, kada ka zauna kana jiran ta ƙara hawa, don daga nan ka bar sana'ar riɗi ka koma ta 'yan Wapa, kuma su sun fi ka iyawa.

Wannan ya kawo mu kan yadda za a biya, inda nan ne ake raba mai kuka da mai dariya. Abu ɗaya zaka gane sauran su zo da sauƙi: takardar lodin jirgi, wadda ake rubuta B/L a jikinta, ita ce kayan. Duk wanda yake riƙe da ta asali shi zai je tashar can a buɗe masa kwantena. Duk wani tsarin biya da ka ji, a kan tambaya ɗaya yake, yaushe takardar nan zata bar hannunka, kafin kuɗi ko bayan kuɗi?

Wanda ya fi daɗi shi ne a biya ka duka kafin lodi, amma baƙon da bai taɓa ganinka ba ba zai yarda ba, kai ma da kaine ba zaka yarda ba. Wanda aka fi yi shi ne kaso a gaba, sauran idan ka tura masa hoton takardar lodi, ta asalin kuma tana wajenka har alat ya shigo. Ko kuma a bi ta banki, bankinka ya aika takardun zuwa bankinsa, kada a miƙa masa sai ya biya, shi ake rubutawa D/P ko CAD. Yana da kyau amma yana da rami, kuma na ga an faɗa. Wata shekara maigidana ya tura kwantena biyu a wannan tsarin ba tare da ya karɓi ko sisi a gaba ba saboda mutumin ya taɓa saye sau ɗaya lafiya. Kaya suna teku farashin riɗi ya sauka a duniya. Da jirgi ya isa sai mutumin ya daina ɗaga waya, bayan kwana goma ya ɓullo yace wai ya ji labarin kayan akwai danshi, sai an rage masa dala 150 a kowane tan. Bai ma ga kayan ba fa. Amma ya san abin da muka sani, kwanakin kyauta na kamfanin jirgi sun ƙare, damarej, wato tarar jinkiri, yana hawa kullum da dala, dawo da kaya Legas ya fi ragin tsada, neman wani mai saye a ƙasar da baka san kowa ba kuma ba wasa ba ne. Ina tsaye a ofis Alhaji ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon fanka, sannan yace min, Malam rubuta masa mun yarda. Dala 5,700 ta tafi a saƙo ɗaya. Da ya karɓi kashi 30 a gaba da mutumin ne zai ji tsoron asara, ba mu ba.

Shi kuwa D/A, wato ya karɓi takardu ya sa hannu cewa zai biya bayan kwana 60 ko 90, bashi ne tsagwaronsa, ka ba wanda baka san gidansu ba bashin miliyan 36. Kada ma a fara.

Sai LC, wasiƙar da bankin mai saye yake buɗewa yana cewa shi bankin ne zai biya idan ka kawo takardu kaza da kaza daidai. Wannan ya fi ƙarfi don ba mutum kake bi ba, banki kake bi. Amma banki ba ya ganin riɗi, takarda yake gani. A ƙa'idar da bankunan duniya suke bi, UCP 600, yana da kwana biyar na aiki ya duba, kai kuma in ba a rubuta wani wa'adi daban ba dole ka miƙa takardu cikin kwana 21 bayan lodi. In LC ta ce kwantena ta hau jirgi kafin 15 ga wata ta hau 17, ko bayanin kaya a rasit ya saɓa da na jikin LC, ko an nemi takardar gwaji daga kamfani kaza ka kawo ta wani, banki zai ce akwai saɓani, daga nan alƙawarinsa ya warware sai in mai saye ya ga dama ya yafe, ka koma hannun mutumin da ka gudu daga gare shi. Don haka ranar da LC ta iso a zauna a karanta ta layi-layi da wanda ya iya, duk sharaɗin da ka san ba zaka iya cikawa ba a sa su gyara kafin a ɗora buhu ɗaya a mota. Kuma LC ta gaskiya ta bankinka take zuwa, ba hoto a waya ba. Duk mai sayen da ya ba da farashin da ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, bai tambayi samfur ba, sannan ya ce ka fara tura kuɗin rijista ko na lauya, ka san ba riɗi yake nema ba.

Af, kafin in manta, maganar maganin ƙwari. Wanda yake zuba fiya-fiya a sito don kada kaya su lalace ya sani can gwaji ake yi, Japan musamman ba sa wasa da wannan, kuma saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. In an ƙi kaya a kan wannan ba LC ɗin da zata hana a biyo ka.

Yanzu rabin shirin Kawu na biyu, kayan babur daga Chana. Tunanin ba banza ba ne. Dalar da ta shigo asusunka ta hanyar fitar da kaya an yarda ka biya odar kaya da ita ta banki, kaga ka huta da sayarwa da araha ka sake saye da tsada, kuma in dala ta hau tsakanin nan da can bata taɓa ka ba tunda tana hannunka. Sai dai kada a ce haɗari ya tafi. In naira ta yi ƙarfi, kayan da ka shigo da su zasu tarar da na wasu da aka sayo da dala mai sauƙi, dole ka sauke farashi. Haɗarin ya matsa gaba ne kawai zuwa ranar sayarwa. Abin da yake rage shi shi ne ka samu masu shaguna a Haɗeja ko Gumel da suka yarda da farashi da naira suka ajiye wani abu tun kaya basu taso ba.

Shigo da kaya da Form M ake farawa, a buɗe shi ta banki kafin a yi lodi a can, ba bayan ba, da inshora daga kamfanin cikin gida, da takardar ingancin kaya ta SONCAP in kayan suna cikin waɗanda ake nema wa, sannan kwastam su fitar da PAAR wanda a kansa ake biyan diyuti. Diyutin ajin-aji ne a tsarin ECOWAS, akwai 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, lambar HS ta kayan ce take nuna inda suka faɗa. Kawu ya ji an ce kashi 10, ya rubuta kashi 10. Mu ɗauka haka ɗin ne mu gani. Kaya na dala 20,000, jirgi 3,500, inshora 100, jimla 23,600, don kwastam har kuɗin jirgi suke haɗawa su ɗora diyuti a kai. A canjin 1,500 miliyan 35 da dubu 400. Kashi 10 ya zama miliyan 3 da dubu 540. A tsarin da aka daɗe ana bi, akwai ƙarin kashi 7 a kan diyutin, dubu 247 da 800, akwai kashi 1 na kuɗin kayan zalla, dubu 300, akwai rabin kashi na ECOWAS, dubu 177. Sannan a tattara duka har da darajar kayan a ɗora VAT kashi 7.5, wanda ya kusa miliyan 3. Abin da zaka biya ya kama miliyan 7 da dubu 240 ba kaɗan, wato kashi 10 ɗin nan ya zama 20 da ɗoriya. Kuma waɗannan ƙananan suna canzawa, a 2025 an kawo kashi 4 a kan kuɗin kaya aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka dakatar, don haka sai ejan ya buga maka na ranar a rubuce.

Abu biyu ne suke ƙara dagula wannan. Na ɗaya canjin da kwastam suke amfani da shi ba naka ba ne, nasu ne da yake bin na Babban Banki, a Fabrairun 2024 sai da ya canza sau da yawa a wata ɗaya, kuma da naira ake biya, dalar asusunka bata kare ka daga wannan ba, sai ka tanadi nairar daban. Na biyu in ejan yace maka zai sa wata lamba mai diyuti kaɗan ko ya rage darajar kaya a takarda, ka tuna sunan kamfaninka ne a jiki ba nasa ba. In aka buɗe kwantena aka ga saɓani za a buga maka cikon kuɗi, kayan su zauna, damarej na kamfanin jirgi da kuɗin zaman tasha suna tafiya tare kullum, ko an fito kuma a tare motar a hanyar Kano. Tashar tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 an yi ta ne don a ringa gama irin wannan a nan kusa, yana da kyau a tambayi farashin kawo kwantena can a gwada da na Legas kafin a zaɓa.

Da na gama zayyana wa Kawu wannan a rumfar, shayinsa ya huce bai sha ba. Yace to kai yanzu me kake so mu yi, mu fasa? Nace a'a Kawu, ku rubuta wa mutumin abu uku: zai turo kashi 30 a gaba ta banki, sauran a kan hoton takardar lodi, kuma a yi gwajin kaya a Legas kafin lodi, sakamakon ya zama shi ne hukunci a kan kowa. Ku nemi sunan kamfaninsa da adireshi da bankinsa. Zancen Chana kuma a jingine shi sai dalar farko ta shigo an gan ta da ido. Ya karɓi wayar ya ba ɗansa ya rubuta, aka tura muna zaune. Yau Alhamis, ya tafi Maigatari jin farashi, da safe na kira yace saƙon ya nuna an karanta tun daren Lahadi amma har yanzu mutumin bai ce komai ba.